Ƙaramar gora ko babban galan: wanne man girki ya fi arha?

"Assalamu alaikum Malam. A kantin unguwarmu akwai man girki na kamfani ɗaya kashi biyu: ƙaramar gora da aka rubuta 1.6L a jikinta naira 6,400, da babban galan mai 5L naira 20,500. Mai kantin ya ce in ɗauki babban, wai babba kullum ya fi sauƙi. Ni kuma lissafin ya ƙi fita mini. Wanne ya fi arha, kuma yaya zan riƙa ganewa da kaina?"

Wa alaikumus salam, Hajiya. A kan waɗannan kuɗin da kika kawo, ƙaramar gorar ce ta fi arha. Litarta tana kamawa naira 4,000, ta babban galan kuma naira 4,100. Bambancin ba shi da yawa, naira ɗari ne a kowace lita, amma dai ba ta ɓangaren da mai kantin ya nuna miki yake ba.

Abin da ya hana lissafin fita shi ne kuɗin biyu ba na abu ɗaya ba ne. Naira 6,400 kuɗin lita ɗaya ce da ɗoriya, naira 20,500 kuɗin lita biyar ne, don haka jera su gefe da gefe ba zai gaya miki komai ba. Sai an mayar da kowanne zuwa ma'auni guda, a tambayi kowace gora nawa take sayar da lita ɗaya. Hanyar kuwa ɗaya ce: ki raba kuɗin da yawan litar da ke ciki. Kuɗi a sama, lita a ƙasa. A kalkuletar wayarki ga abin da za ki danna:

```
6400 ÷ 1.6 = 4000
20500 ÷ 5 = 4100
```

Wanda lambarsa ta fi ƙanƙanta shi ne mai arha. Ki kula da ɗigon da ke tsakanin 1 da 6. Idan ya tsere miki kika danna 16, wayar za ta ba ki 400, kuma kin san babu inda ake sayar da litar mai naira ɗari huɗu a yau. Duk amsar da ta yi nisa da farashin da kika saba ji a kasuwa, ki koma ki sake dannawa kafin ki yarda da ita.

Ba kullum waya ke hannu ba, wani lokacin ma ga layi a bayanki. Akwai yadda ake yi da ka, kuma mu masu tsayuwa bayan kanta da shi muka fi aiki. Lita 1.6 mililita 1,600 ke nan, tunda lita ɗaya mililita 1,000 ce. Ki yi ta raba man da kuɗin gida biyu tare. Rabin gorar, mililita 800, naira 3,200. Rabin wannan, 400, naira 1,600. Sai 200 a naira 800, sai 100 a naira 400. Da kin iso mililita ɗari kin gama, domin goma irinta ne lita: naira 4,000. Na galan kuwa ya fi sauƙi. Dubu ashirin a raba wa biyar, dubu huɗu-huɗu. Ɗari biyar ɗin da ta yi saura a raba wa biyar, ɗari-ɗari. Dubu huɗu da ɗari.

Ina son ki tabbatar da amsar ta wata hanya dabam, don idan mai kanti ya yi gardama wannan ce za ta fi shigarsa. Ki ɗauki ƙananan gorori uku. Man da ke cikinsu lita 4.8 ne, kuɗinsu naira 19,200. Tsakaninsu da galan saura mililita 200 kacal, abin da bai cika kofin shayi ba. Amma tsakanin 19,200 da 20,500 akwai naira 1,300. Wato idan kika ɗauki galan, wannan ɗan ragowar kike saye a naira 1,300, alhali a farashin ƙaramar gora naira 800 ne kuɗinsa. Naira 500 ta tafi a banza. Hanyoyin biyu sun haɗu a wuri ɗaya: naira ɗari sau lita biyar, ɗari biyar.

Daga nan kuma kin samu abin yin ciniki. A farashin ƙaramar gora, lita biyar naira 20,000 ce cif. To wannan ita ce iyakar galan. Idan mai kantin ya sallama miki shi a 20,000 sun yi kunnen doki, idan ya sauko ƙasa da haka galan ya ci. Ta ɗaya gefen, ƙaramar gora za ta ci gaba da zama mai arha har sai kuɗinta ya kai naira 6,560, wato 4,100 sau 1.6. Ranar da kika je aka ce ta koma 6,700, to hukuncin ya juya. Shi ya sa amsar da na ba ki ta yau ce kawai. Lissafin ne naki na dindindin.

Wasu suna juya rabon, su raba yawan man da kuɗi. Ba laifi ba ne, tambayar ce ta canza: maimakon nawa ce lita, sai ta koma mai nawa naira dubu za ta saya. A ƙaramar gora dubu ɗaya tana ba ki mililita 250, a galan kuma kimanin 244. A nan babbar lamba ce mai kyau. Matsalar tana zuwa ne idan mutum ya juya rabon bai sani ba, ya ga ƙaramar lamba ya ɗauka arha ce. Ki zaɓi hanya ɗaya ki tsaya a kanta. Ni kuɗin lita nake bi, don shi ne yaren da 'yan kasuwa ke yi.

Mai kantinku ba lallai yaudararki ya yi niyya ba. Yawanci babban mazubi ya fi sauƙi, saboda kuɗin roba da murfi da takardar jiki da lodi suna raguwa idan aka raba su a kan lita mai yawa. Shi ma abin da ya saba gani ke nan, sai ya zama masa ka'ida. Amma ka'idar tana karyewa, kuma dalilin da na fi gani shi ne kaya ba rana ɗaya suke shigowa shago ba. Katan ɗin ƙananan gorori na iya zama tsohon sari, wanda aka ɗauko kafin farashi ya tashi, galan kuma sabon sari ne da aka biya da sabon kuɗi. Mai shago yana sa wa kowanne riba a kan abin da ya saro shi, ba ya zama ya daidaita litar wannan da ta wancan. Wani lokacin kuma kamfani ne ke yin rangwame a kan girma ɗaya don ya shiga kasuwa, ko dila a kasuwa irin Singa ta Kano ya karya farashin abin da ya daɗe a sito. Kina tsaye a gaban kanta ba za ki san wanne ya faru ba, kuma ba ki buƙatar sani. Rabon zai nuna.

Yanzu ga inda mutane suka fi faɗawa, wato lambar da ake rabawa da ita. Kin yi daidai da kika karanta 1.6 a jikin gorar. Da yawa ba sa karantawa, ido suke bi. Gora mai lita 1.6 idan doguwa ce mai ƙugu, sai a kira ta "mai lita biyu", mai shago ya kira ta haka, mai saye ma haka. Da kin raba 6,400 da biyu, da kin samu 3,200, kin tafi gida kina murnar kin tsinci dami a kala, alhali kin yi kuskuren naira 800 a kowace lita. A naki lissafin kuskuren bai canza wanda ya ci ba, amma sau da yawa yana canzawa. Ga misali da kuɗin da na ƙaddara: gora mai mililita 900 a naira 3,700, kusa da ita mai lita ɗaya cif a naira 4,000. Tsayinsu kusan ɗaya, ta farko kamar ta fi sauƙi da naira 300. Ki raba 3,700 da 0.9, za ki samu kimanin 4,111. Ita ce ta fi tsada. Kamfanoni suna fitar da girma iri-iri marasa cikar lamba, wani lokaci ma a rage abin da ke ciki a bar robar yadda take, don haka ko gorar da kika saba saye ce, ki riƙa duban lambar lokaci-lokaci. Yawanci tana can ƙasan takardar, a gaba.

Harufan da ke bin lambar su ma abin dubawa ne. L lita ce. Idan ml aka rubuta, mililita ce, ki raba da dubu: 750ml lita 0.75 ke nan. Idan cl ne, santilita ce, ki raba da ɗari: 75cl ita ma 0.75 ce, 150cl kuma lita ɗaya da rabi. Muddin kika mayar da duka biyun lita kafin ki raba kuɗin, ba za ki ɓata ba.

Wanda ya fi wuya shi ne idan ɗaya an rubuta lita, ɗaya kuma kilo. A ruwa lita ɗaya kilo ɗaya ce, shi ya sa mutane ke ɗauka ko'ina haka ne. Mai bai kai ruwa nauyi ba, dalilin da ya sa yake tasowa saman miya ke nan. Litar man girki nauyinta tsakanin giram 910 ne da 920. Saboda haka kilo ɗaya na mai ya ɗara lita ɗaya, yana kai wajen lita 1.09. Idan kika ga mazubi an rubuta 4.5kg, kada ki ce galan mai lita biyar ya fi shi da rabin lita. Ki raba 4.5 da 0.92, za ki samu kimanin lita 4.9, kusan daidai suke. Mai 5kg kuwa ya kusa lita biyar da rabi. A takaice, kilo ki raba shi da 0.92 ya koma lita, sannan ki ci gaba kamar yadda muka yi.

Wannan lambar tana da wani amfani da ba kowa ya lura da shi ba. Da ita ake gane ko mazubi ya cika ba tare da an buɗe shi ba. Lita biyar ta mai nauyinta wajen kilo 4.6 ne, sai a ƙara nauyin robar. Idan kika ɗora galan a sikeli ya nuna ƙasa da kilo huɗu da rabi har da roba, to ba lita biyar ce a ciki ba, komai aka rubuta. Jarka mai lita 25 kuma man cikinta ya kamata ya yi wajen kilo 23, ban da jarkar. A galan ɗin kamfani mai hatimi a murfi ba kasafai ake samun wannan ba. An fi samunsa a wanda aka sake ɗurawa.

Wannan ya kawo mu ga man awo, domin na san da kin gama da gorori biyun nan zuciyarki za ta ce to na kwalba fa. Kwalbar da aka fi aunawa da ita a kasuwanninmu ta 75cl ce. A ce ana sayar da ita naira 2,900. Ki raba da 0.75, lita ta kama kimanin 3,867, ta fi gorarki sauƙi da naira ɗari da 'yan kai. Amma wannan lissafin ya dogara ne da cewa kwalbar ta cika har inda ya kamata. Ki tsaya ki kalli yadda ake zubawa: mazurari a baki, a tsiyaya, kumfa ya taso wuya, a ɗauke hannu, kumfan ya kwanta, man ya tsaya a kafaɗar kwalba. Idan robar ruwa ce ake awo da ita, wata ta lotsa a gindi ko a gefe. Abin da ya shiga ledarki zai iya zama 70cl. To 2,900 a raba da 0.7 ya zama kimanin 4,143, ya wuce har galan ɗin da muka ce ya yi tsada. Santilita biyar kacal ta juya lissafin. Maganinsa ki auna sau ɗaya a gida da jog mai layin mililita, ko fidar jariri da aka daina amfani da ita, ki san ainihin abin da kwalbar mai awonki ke ɗauka. Daga ranar ki riƙa raba kuɗinsa da wannan lambar.

Duk wannan rabon yana da ma'ana ne idan man iri ɗaya ne. Naki na kamfani ɗaya ne, amma duk da haka ki juya bayan gorar ki karanta, domin kamfani ɗaya na iya fitar da mai kala biyu. A bakinmu kusan kowane farin mai man gyaɗa ne, alhali mafi yawan na roba daga kwakwar manja ake tace shi, wani kuma daga waken suya. Na kwakwar manja shi ne kike gani yana yin gajimare ko ya daskare a gindin galan da sanyin hunturu, ya narke idan ya ji ɗumi, kuma wannan ba lalacewa ba ce. Ainihin man gyaɗa, na matan da ke yin ƙuli-ƙuli ko na injin matsa, ƙamshinsa dabam, farashinsa dabam. Idan kika raba kuɗin wannan da na wancan za ki samu lambobi, amma lambobin ba za su ce miki wanne ya fi dacewa da tukunyarki ba. Ki duba kuma lambar NAFDAC da ranar ƙarewar wa'adi, musamman a kan wanda ya fito da arha. Idan dalilin arhar ƙananan gororin shi ne sun daɗe a shago, ki tabbata za ki cinye su kafin ranar ta zo.

Sai abubuwan da rabon ba ya gani, waɗanda ke da nauyi idan bambancin ɗan kaɗan ne irin naki. Naira 500 a cikin dubu ashirin abu ne da ƙaramin dalili zai iya shafewa. Galan ɗin da ya ƙare yana da amfani, ana zuba kananzir ko manja, ana ma sayar da shi. Idan a unguwarku za a saye shi naira ɗari biyu ko uku, ki cire wannan daga kuɗinsa, ratar ta ragu. Ta ɓangaren ƙananan gorori kuma, ɗaya kike buɗewa sauran na rufe da hatiminsu. Mai yana lalacewa ne da iska da haske da zafi, kuma galan ɗin da aka buɗe aka ajiye kusa da murhu wata uku ana buɗe shi safe da yamma, na ƙasansa yakan canza ƙamshi, ya riƙa maƙaƙi a maƙogwaro. Gidan da ke shan lita biyar a wata ba ruwansa da wannan. Gidan mutum biyu ko uku kuwa, da ruwansa. Akwai kuma abin da duk mai girki ta sani: hannu ya fi sakewa idan daga babban galan ake tsiyayawa, balle idan yara ne a madafa. Idan kin sayi babba, ki riƙa ɗura wa ƙaramar gora ki ɓoye uwar.

Na ƙarshe a wannan layin shi ne kuɗin da ke hannu. Ko da galan ne ya fi arha, idan sayensa zai sa ki ci bashin shinkafa, ragin ɗari biyar bai kai ba. A naki yanayin ma babu wannan ja-in-ja, tunda mai ƙaramin kuɗin shi ne mai arhar. Da ni ne, zan ɗauki gora ɗaya ko biyu gwargwadon buƙata. Idan kuma ina tsammanin tsohon sari ne da zai ƙare a sake farashi, kuma wa'adinsu da saura, sai in kwashi uku.

Idan ragi na gaske kike nema, ba a tsakanin waɗannan biyun yake ba, yana wajen jarka mai lita 25 da ake haɗa kuɗi a saya. A ce a wurin 'yan sari ana ba da ita naira 92,500. A raba da 25, lita ta kama 3,700, ragin naira 300 a kan gorarki. Amma jarka ba ta kawo kanta gida, sai ki ƙara kuɗin adaidaita sahu da na ɗan dako kafin ki raba. In sun ci naira 1,500, jimla 94,000, lita ta koma 3,760. Ku biyar kuka haɗu, kowa ta ba da 18,800 ta ɗauki lita biyar, maimakon 20,000 a farashin gora ko 20,500 na galan. A sa a ɗora jarkar a sikeli tun a kasuwa, a duba hatimin murfinta. Wajen rabo kuma kada kowa ta kawo galan ɗinta a cika mata, domin galan mai lita biyar yana ɗaukar fiye da biyar idan aka cika shi har wuya, ta ƙarshe ce za ta tashi da huɗu. A samu jog ɗaya mai layi, a riƙa zuba wa kowa lita ɗaya-ɗaya ana zagayawa har zagaye huɗu, sannan a kifa jarkar ta tsane, abin da ya rage a raba shi biyar daidai.